Darajar da ke ɓoye a kuɗin dako

A ce ɗan kasuwa yana kai masara Kano daga rumbuna biyu. Dakon buhu daga Funtuwa naira 2,000 ne, daga Saminaka 3,000. Masarar Funtuwa ta ƙare, ta Saminaka ta yi saura.

Lissafin rage kuɗin dako yana da tagwai, wanda ke sanya wa kowane wuri farashi. Saminaka sifiri, tunda akwai rara. Kano 3,000, Funtuwa kuwa 1,000, domin ƙarin buhu ɗaya a can zai maye gurbin na Saminaka, a tsimi dubu guda.

Ƙa'idar ita ce: ratar farashi tsakanin wuri biyu ba ta wuce kuɗin dako. Hanyar da ratarta ta gaza dakon, asara ce a ɗora mata kaya.