Gyaran Hoto: Ina Ne Iyaka?

Kwanan baya, muna shirya takardar jana'izar wani dattijon ikilisiya, sai mai hoto ya kawo mana fuska sumul. Ya goge tsagar gado, ya haskaka fata, har matar marigayin ta ce, "Wannan ba maigidana ba ne."

Ga ma'aunin masu sana'ar: abin da zai ɓace da kansa cikin mako biyu, kamar ƙurji, ana iya share shi. Haka ma tabon da ya ɓata tsohon hoto. Amma tsaga, wushirya, furfura da launin fata, da su ake shaida mutum.

'Yan'uwa, kafin a buga, mu nuna wa iyalinsa. In suka yi jim kafin su gane shi, an wuce gona da iri.