Agogon Hannu Mai Ƙarin Aiki: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Agogon da ke tafiya da wani ko motsin hannu, ba batir ba, kan zo da ƙarin ayyuka bayan nuna lokaci, kuma kowane ƙari da kuɗinsa: na saye, da na gyara nan gaba.

Kuronogiraf shi ne mai maɓallai biyu a gefe. Ka danna na sama, wata giya ta kama dogon hannun da ke tsakiya ya fara ƙirga daƙiƙa. Ka sake dannawa ya tsaya, na ƙasa kuma ya mayar da shi sifiri. Lambobin da ke zagaye da bakin wasunsu na auna gudu ne. Idan mota ta cinye kilomita 1 cikin daƙiƙa 30, hannun zai tsaya kan 120, wato kilomita 120 a awa. Kafin ka biya, gwada shi sau da yawa. Hannun da bai koma daidai kan 12 ba yana neman mai gyara.

Mai nuna wata ya fi sauƙin ƙira. Faifai ne mai hoton wata biyu da haƙora 59, kullum yana matsa haƙori ɗaya, don haka watansa kwana 29 da rabi ne. Watan sama kuwa ya ɗara hakan da kusan minti 44, shi ya sa agogon ke kuskuren kwana guda bayan shekara biyu da wata bakwai. Mai haƙora 135 sai ya yi shekara 122 kafin hakan ta faru. Ado ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin ganin jinjirin wata ranar azumi ko salla.

Kalandar dindindin ce mai cin kuɗi. A cikinta akwai faifan da ke zagaye sau ɗaya a shekara huɗu, da tsaga ga kowane wata, kuma zurfin tsagar ne ke gaya wa agogon ko watan kwana 30 ne, ko 28, ko 29. Ba ta buƙatar gyaran kwanan wata sai a 2100, shekarar da Fabrairu zai tsaya a 28. Sharaɗin shi ne kada agogon ya tsaya. In ya kwana biyar a akwati, sai ka saita rana, wata da shekara da hannu, kuma yin hakan tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, lokacin da giyoyin ke sauya kwana, na iya karya haƙori. A wasu ma, in ka zarce kwanan, babu komawa baya. Ba kowane mai gyaran agogo ne zai iya buɗe ta ba.

A ganina, kuronogiraf ya cancanci ƙari ga mai auna lokaci da gaske, mai nuna wata kuma in ƙarin kaɗan ne. Wanda kalanda ta dame shi ya nemi ta shekara-shekara, wadda Patek Philippe ya fito da ita a 1996: ta fi araha, sau ɗaya kawai ake gyara ta, ranar 1 ga Maris.