Kofur Moulia da Boren Sojojin Faransa na 1917

A daren 11 ga watan Yuni na 1917, sojojin Faransa huɗu suna tsare a ƙauyen Maizy, suna jiran gari ya waye a harbe su. Ba abokan gaba ne za su harbe su ba, 'yan'uwansu sojoji ne, bisa hukuncin kotun soja. Da aka zo da asuba sai aka tarar da uku. Na huɗun, wani kofur mai suna Vincent Moulia, ya sulale cikin dare ya ɓace. Wannan mutum ba rago ba ne. Tun farkon yaƙin yake fagen daga, an ji masa rauni ya warke ya koma, har an ba shi lambar yabo ta jarunta mai suna Croix de guerre. Yadda aka yi irin wannan soja ya wayi gari cikin masu bore shi ne labarin, kuma yana farawa ne daga wani alkawari da babban kwamanda ya ɗauka.

A ƙarshen 1916 aka naɗa Janar Robert Nivelle babban kwamandan sojojin Faransa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shiga shekara ta uku, sojoji suna zaune cikin ramuka, ruwa da taɓo har gwiwa, ga ƙwarƙwata ga ɓeraye. Nivelle ya zo da magana mai daɗi. Ya ce yana da dabarar da zai keta layin Jamusawa cikin awa 48, in kuma abin ya faskara zai dakatar da harin. Sojoji suka yarda. Aka tsuke hutun zuwa gida domin kowa ya kasance a wurin, suka haƙura, da zaton wannan ne karo na ƙarshe.

Wurin da ya zaɓa wani dogon tudu ne a yankin kogin Aisne, ana kiransa Chemin des Dames. Cikin tudun akwai tsofaffin koguna da aka haƙa ana fasa dutse, kuma Jamusawa sun mayar da su maɓoya. Sun kuma san harin yana tafe, domin takardun shirin sun faɗa hannunsu. Igwar Faransa ta yi kwanaki tana luguden wuta, Jamusawa suna can ƙarƙashin dutse suna jira. Ranar 16 ga Afrilu da sassafe, cikin ruwan sama da ƙanƙara, aka ce wa sojoji su hau. Bindigogi masu jigida suka fito daga bakin koguna suka yi ta kwasarsu. Cikin waɗanda aka tura gaba akwai sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta ɗebo daga ƙasashen da take mulka, a rundunar Janar Mangin. Sanyi ya ƙandare musu yatsu har wasunsu suka kasa sarrafa bindiga, aka kashe su da yawa. Cikin kwana goma Faransa ta yi asarar mutum fiye da 100,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda aka kama. Asibitocin bayan daga suka cika suka tumbatsa, masu rauni suka yi ta kwana a fili. Awa 48 ta wuce, Nivelle bai tsaya ba.

Rundunar su Moulia, wato rejimanti ta 18 ta sojan ƙasa, an tura ta Craonne a farkon watan Mayu domin ta ƙwace wani tudu da ake kira California. Sun ƙwace shi, amma sun bar mutum ɗaruruwa a kansa. Aka janye waɗanda suka saura zuwa ƙauyen Villers-sur-Fère su huta, suna sa ran za a sallami wasu su je su ga iyali. Ranar 27 ga Mayu sai ga umarni cewa su shiga motoci su koma daga. A nan tura ta kai bango. Sojoji suka fito kan titin ƙauyen suna ihu suna waƙa, wasu suka yi harbi sama, suka ce ba inda za su. Abin bai daɗe ba. Hafsoshi suka yi ta lallashi, 'yan sandan soja suka iso, kashi kashi suka haƙura suka tafi daga. Amma sunaye sun riga sun shiga takarda.

Ba su kaɗai ba ne. Tsakanin ƙarshen Afrilu da watan Yuni, irin wannan ya taɓa kusan rabin manyan rundunonin Faransa. Abin lura shi ne yadda boren ya kasance. Ba su kashe hafsoshinsu ba, kuma ba su bar ramukan gaba ga Jamusawa ba. Mafi yawan rikicin a wuraren hutawa ya tashi, a daidai lokacin da aka ce a koma. Maganarsu ita ce za su tsare ƙasarsu, amma ba za su sake hawa tudu a kashe su a banza ba.

Ƙorafinsu na yau da kullum ne. A takarda, soja yana da hutun kwana bakwai duk bayan wata huɗu, amma da yawa lokacinsu ya zo ya wuce ba a sallame su ba. Wanda ya samu hutun ma sai jirgin ƙasa ya cinye masa kwanaki, yana kwana a dandamalin tasha. Abinci a bayan daga ake dafa shi, a ɗauko shi da dare ta cikin ramuka, ya iso a sandare, wani lokaci ma kada ya iso. Albashin kurtu 'yan santim ne a rana, alhali ma'aikacin masana'antar makamai yana karɓar ninkin ba ninkin wannan yana kwana a gidansa. Duk wannan sun daɗe suna haɗiyewa. Abin da ya sa ya ƙi haɗiyuwa yanzu shi ne sun daina yarda cewa wanda yake ba da umarni ya san abin da yake yi. Alamun kuwa ba a ɓoye suke ba, domin akwai ofishin da yake buɗe wasiƙun sojoji yana karantawa, kuma ƙunar ransu tana nan baƙi da fari. Duk da haka manyan janarori da dama sun fi son su ɗora laifin a kan masu zuga daga Paris da labarin juyin juya halin Rasha, domin hakan ya fi sauƙi a kan duba nasu aikin.

Ranar 15 ga Mayu aka sauke Nivelle aka ɗora Janar Philippe Pétain. Shi ya kama matsalar ta hannu biyu. Hannu na farko na hukunci ne, kuma bai sassauta ba. Da yake ba zai yiwu a gurfanar da dubban mutane ba, sai aka umarci hafsoshi su tsamo waɗanda suke ganin su ne jagorori. A nan zalunci yake samun ƙofa, domin a taron da kowa ya yi ihu, wanda aka tsamo sau da yawa shi ne wanda aka gane fuskarsa, ko wanda yake da tsohuwar tsama da na gaba da shi. A rejimanti ta 18, kotun soja ta zauna ranar 7 ga Yuni ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa. Shugaban ƙasa Raymond Poincaré ya yi wa ɗaya sassauci. Uku daga cikinsu, Didier da Canel da Lasplacettes, aka harbe su ranar 12 ga Yuni. Na biyar ɗin shi ne Moulia. A duk faɗin rundunar, bisa ƙididdigar masanin tarihi Guy Pedroncini da ya bi takardun sojan a 1967, an hukunta mutum wajen 3,400, aka yanke wa 554 hukuncin kisa, aka zartar a kan 49. Sauran aka mayar da nasu ɗauri da aikin wahala.

Hannu na biyu shi ne gyara, kuma shi ya kashe wutar. Kwana huɗu da hawansa, ranar 19 ga Mayu, Pétain ya fitar da umarnin cewa an daina manyan hare-haren keta layi. Duk harin da za a kai zai zama ƙarami, mai iyaka, bayan igwa ta gama aikinta, har tankokin yaƙi su yawaita kuma sojojin Amurka su iso. Ya sa a riƙa liƙa jerin sunayen masu hutu a fili, kowa ya ga ranar da tasa za ta zo, aka ƙara yawan masu tafiya, daga baya aka mayar da hutun kwana goma. Aka matso da wuraren girki kusa da daga, aka kula da horar da masu dafawa, aka kai gadaje sansanonin hutawa, aka buɗe wuraren cin abinci a tashoshin jirgi, aka taƙaita sayar da giya a bayan daga. Sannan ya shiga mota ya zagaya manyan rundunoni wajen 90. Yakan tara hafsoshi da ƙananan sojoji, ya yi musu bayanin halin da yaƙin yake ciki, ya saurari ƙorafinsu, kuma abin da ya ce zai aiko sai su ga ya iso.

Gwajin ya zo a watan Oktoba, a kan wannan tudu na Chemin des Dames. Aka zaɓi wani yanki ƙarami kewaye da tsohuwar ganuwar La Malmaison, igwa ta yi kwana shida tana dukansa, sannan ranar 23 ga wata sojoji suka tashi da rakiyar tankoki. Suka ci wurin, suka kama Jamusawa fiye da 11,000, kuma da suka kai iyakar da aka shata aka tsaya kamar yadda aka faɗa. A farkon Nuwamba Jamusawa suka janye daga tudun. Rundunar da aka ce ta lalace wata biyar baya ita ce ta yi wannan aiki.

Moulia kuwa ya ratsa Faransa daga arewa har ƙauyensu Nassiet a kudu maso yamma, ya ɓuya a can wata da watanni, mutanensa suna rufa masa asiri. A 1918 ya tsallaka Sifen. Sai a 1933 afuwa ta shafe shi, ya komo gida a 1936. An mayar masa da lambar yabonsa a 1979, ya rasu a 1984 yana da shekara 96. Abokansa uku ba su samu wannan ba. An harbe su ne domin wasu su ji tsoro, a daidai lokacin da shi kansa babban kwamandan yake gyara abubuwan da suka tashi a kansu, wanda hakan amincewa ce cewa ƙorafinsu gaskiya ne. Soja yana iya jure yunwa da ƙaramin albashi da umarnin da zai iya kai shi ga mutuwa, muddin yana ganin na sama da shi yana ƙirga ransa da daraja kuma yana cika abin da ya faɗa. Hutu da abinci mai zafi da hari mai iyaka duk suna hannun janarori tun kafin 16 ga Afrilu. Da an ba da su a lokacin, da ba a kai ga kafa wa Didier da Canel da Lasplacettes turke a Maizy ba.