3.2 Tasirin Dangantakar Kadarori Biyu a Kan Kasadar Jari

Masanin tattalin arziki Harry Markowitz ya nuna a shekarar 1952 cewa raba jari tsakanin kadarori biyu ba ya rage kasada sai gwargwadon yadda ribarsu ke tafiya tare ko ta saɓa. Abin nufi da kasada a nan shi ne kaucewar riba daga matsakaicinta, wadda ake nunawa da alamar σ. Idan aka ninka σ da kanta, an sami murabba'in kaucewa. Ga yadda ake lissafa shi ga ƙunshin kadarori biyu:

```
σp² = w1²σ1² + w2²σ2² + 2w1w2ρσ1σ2
```

A nan, w1 da w2 su ne kason kuɗin da aka zuba a kowace kadara. Ita kuwa ρ ma'aunin dangantaka ce, wadda ba ta wuce +1, ba ta gaza −1.

Alal misali, a ɗauka mai jari ya raba kuɗinsa biyu daidai tsakanin hannun jarin kamfanoni biyu. Kaucewar na farko kashi 20 ce cikin ɗari, ta na biyu kashi 30. Gaɓar farko ta lissafin za ta ba da 100, ta biyu 225, ta uku kuma 300ρ. Ke nan murabba'in kaucewa shi ne 325 + 300ρ.

Idan ρ ta kasance +1, wato ribar kamfanonin na hawa da sauka tare, jimilla 625 ce, kaucewa kuma kashi 25, domin 25 sau 25 ne ke ba da 625. Wannan matsakaicin 20 da 30 ne kawai, don haka rabawar ba ta rage komai ba. Idan ρ sifiri ce, saura 325, kaucewa kimanin kashi 18, wato ƙasa da ta kamfanin da ya fi ƙarancin kasada. Idan kuwa ρ ta kai −1, saura 25, kaucewa kashi 5. A wannan hali, da za a zuba kashi 60 a na farko, 40 a na biyu, da kasadar ta gushe gaba ɗaya. Abin lura shi ne, ρ ba ta taɓa ribar da ake sa rai.

Sai dai lissafin yana da iyaka. Daga ribar shekarun baya ake ƙiyasta ρ, alhali tana sauyawa. A rikicin kuɗi na duniya na shekarar 2008, hannayen jari masu yawa sun faɗi tare, dangantakarsu ta ƙaru, kariyar ta ragu a daidai lokacin da aka fi bukatarta. A taƙaice, amfanin raba jari ya dogara ne ga ƙanƙantar ρ, ba ga rabawar kanta ba.