Kundin ayyukan hannu: yadda baduku zai nuna gwanintarsa ga mai saye na nesa

Masu saurare, wanda yake Abidjan ko Kano ba zai iya taɓa jakar da aka ɗinka a Damagaram ba. Hoto kawai yake gani a salula. Haka ma masu shirya baje koli irin SAFEM na mata masu sana'ar hannu a Yamai, ko SIAO na Wagadugu, sukan so ganin aikin mutum tun kafin su ba shi rumfa. Shi ya sa muke magana a kan kundi, wato ƴan zaɓaɓɓun ayyuka da bayanin yadda aka yi su.

Mu ɗauki baduku mai hotuna talatin a waya. Kuskuren da muka fi gani shi ne ya tura su duka. Shida ko takwas sun isa, amma kowane ya nuna wata gwaninta daban: jaka ɗaya don ɗinki, takalmi ɗaya don yanka, kube ɗaya don ado. Jaka biyar iri ɗaya, launi kawai ya bambanta, ai aiki ɗaya ne. Wadda ɗinkinta ya karkace a ajiye ta, ko da ita ta fi tsada. Aikin maigidanka kuwa, kada ka sa shi da sunanka. Ranar da aka ce yi irinsa, asiri zai tonu.

Kowane aiki a yi masa hoto uku: gaba ɗayansa, ɗinkin daga kusa, sai cikinsa. A shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa da hantsi, don ranar tsaka tana kashe jan launi, ta sa fata ƙyalli.

Sai bayani, inda da yawa suke rubuta "jaka mai kyau" su tsaya. Mai saye ya ga kyan da idonsa. Abin da bai sani ba shi za a faɗa masa. Misali: fatar jar akuyar Maraɗi ce, an jeme ta da bagaruwa, an rina da karan dafi, an ɗinka da hannu, faɗinta santimita 30, ta ci kwana huɗu. In akwai matsalar da aka warware, a ƙara. A ce jakar farko rininta yana zuba a riga, sai aka riƙa goge fatar da farin tsumma har ya daina kama launi kafin a yanka. Wannan layi ɗaya ya fi yabon kai sau goma, domin ya nuna mutum yana gwada kayansa.

Wanda bai iya rubutu ba, ya naɗi muryarsa minti ɗaya, wani ɗan makaranta ya kwafe masa. Kuma a wanke hotunan a manna cikin littafi, kowane da shekarar da aka yi shi, saboda waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa.