Shafin da ke buɗewa ko da sabis ya ɗauke

Wanda ya saba tafiya da mota ya san yadda sabis ke ɓacewa tsakanin gari da gari, shafin intanet ya tsaya cak. Amma akwai shafukan da ke buɗewa duk da haka, kuma sirrinsu wata ƙaramar manhaja ce da ake kira `service worker`, wadda burauzar Chrome ta fara karɓa a 2015.

A ziyarar farko, shafin yakan girka ta a cikin burauza, ita kuma ta sauko da muhimman fayiloli ta adana a waya. Daga nan sai ta zauna tsakanin shafin da intanet kamar mai gadi, duk buƙatar da za ta fita sai ta biyo ta wajenta. Idan abin yana cikin ma'ajiya, nan take ta miƙa shi. Sharaɗi shi ne shafin ya kasance a kan HTTPS.

Wahalar tana wajen sanin abin da ya dace a adana. A ɗauki shafin farashin hatsi: tambarinsa da tsarinsa ba sa sauyawa, don haka a ɗauko su daga waya. Farashin buhun masara kuwa dole a fara nemansa a intanet, in an jira daƙiƙa uku ko huɗu babu amsa, sannan a nuna na jiya tare da kwanan watansa. Mai shafin da ya manta da kwanan watan nan zai iya sa ɗan kasuwa ya yi ciniki da tsohon farashi, yana zaton na yau ne.