Abin Da Likita Ke Karantawa A Hoton Cikin Ido

A asibitocin ido irin Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Asibitin Ido na ECWA a Kano, akan zaunar da mai ciwon suga gaban wata kamara, ya ɗora haɓa, ya kafe ido a kan wani ɗan haske. Walƙiya ɗaya, sai hoto ya fito a allon kwamfuta: wani zagaye ja-ja, jijiyoyi sun barbazu a cikinsa. Wannan shi ne bangon ido na ciki, tantanin da ke karɓar haske, wanda likitoci ke kira ratina. A duk jikin ɗan Adam, nan ne ake kallon ƙananan jijiyoyin jini da kan jijiyar gani ƙuru-ƙuru ba tare da an tsaga fata ba. Tun 1851 da Bajamushe Hermann von Helmholtz ya fito da madubin leƙa cikin ido ake wannan kallo. Abin da kamara ta ƙara shi ne ajiya, a kwatanta hoton bana da na bara.

Mai karanta hoton ba ya yin kallon kan mai uwa da wabi. Yana da tsari, kuma tambayarsa ta farko ita ce: hoton ya karantu kuwa? Idan yana ta rufe ido, ko ƙofar baƙin ido ta ƙi buɗewa, hoton zai fito da hazo, ƙananan jijiyoyi su ɓace. Irin wannan hoto ba a cewa lafiya lau ne, sai dai a ce bai karantu ba, a ɗiga maganin buɗe ido a sake ɗauka. Wani lokaci kuma ƙura ce a gilashin kamara take fitowa kamar tabo. Ana gane ta idan tabon ya bayyana a wuri guda a hoton idanu biyu. Launin bangon ma ya danganta da fata: na baƙar fata ya fi duhu, yana ɗaukar ja mai ruwan ƙasa, kuma wannan ba ciwo ba ne.

Daga nan sai ido ya tafi wurin da ya fi haske a hoton, wani ɗan zagaye mai launin ruwan hoda da ɗorawa, inda duk jijiyoyin jini ke fitowa. Shi ne faifan jijiyar gani. Faɗinsa bai kai milimita biyu ba, amma ta nan ne zarurruka sama da miliyan ɗaya ke fita su kai saƙon gani ƙwaƙwalwa. Yana ɓangaren hanci, don haka a hoton idon dama ana ganinsa a dama, a na hagu kuma a hagu.

A tsakiyar faifan akwai kwarmi fari-fari, kewaye da shi kuma akwai gefe mai launin hoda. Abin ya yi kama da akushi: ramin tsakiya babu komai, kaurin bakin shi ne naman jijiya mai rai. Cutar gilakoma, wadda mutane ke kira hawan jinin ido, tana cinye wannan gefe a hankali, kwarmin yana faɗaɗa. Saboda haka ake auna tsayin kwarmin daga sama zuwa ƙasa, a raba shi da tsayin faifan duka. A yawancin masu lafiya sakamakon yana wajen 0.3 zuwa 0.4. Idan ya kai 0.7, ko kuma idanu biyu suka bambanta da fiye da 0.2, hankalin likita yakan tashi.

Sai dai lamba kaɗai ba ta yanke hukunci. Mutanen Afirka da yawa an halicce su da babban faifai, kuma babban faifai yana zuwa da babban kwarmi ba tare da wata cuta ba. Ƙaramin faifai kuwa yana iya ɓoye ɓarna alhali lambarsa 0.4 ce. Shi ya sa gwani ya fi mai da hankali ga gefen. A lafiyayyen ido gefen ƙasa ne ya fi kauri, sai na sama, sai na wajen hanci, na wajen kunne ya zo ƙarshe. Gilakoma tana fara cin ƙasa da sama. Idan aka ga giɓi a gefen ƙasa, ko wani siririn layin jini ya ratsa bakin faifan, alama ce mai ƙarfi cewa jijiya tana lalacewa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa gilakoma ce ta biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido, kuma wajen mutum biyar cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 40 suna da ita. Bambancinta da yana shi ne ganin da ta ɗauke ba ya dawowa.

Bayan faifai, sai a bi jijiyoyin jini daga tushe zuwa reshe. Masu kawo jini sun fi siranta da haske, masu mayar da shi sun fi kauri da duhu. Ana neman inda jini ya fita daga hanyarsa, kuma siffar zubar ita ke faɗin zurfinta. Idan a saman tantanin ne, jinin yana bin shimfiɗar zarurruka, ya miƙe da baki tsage-tsage, likitoci suna kiransa mai siffar harshen wuta. Wannan ya fi zuwa da hawan jini, ko toshewar jijiyar da ke mayar da jini, musamman idan ya taru a yanki guda. Idan kuwa a can cikin tantanin ne, inda wuri ya matse, sai ya fito ɗigo-ɗigo ko dunƙule mai duhu. Wannan shi ya fi yawa a ciwon suga.

Suga yana raunana bangon jijiyoyi mafi ƙanƙanta. Alamar farko da ake gani ita ce ɗan jan ɗigo mai tsaftataccen baki, wanda bai kai kaurin babbar jijiya a bakin faifai ba: bangon ne ya kumbura ya yi ƙullutu. Mai karatu yakan sa tacewar kore a allo, jini ya koma baƙi, ɗigon da ya ɓuya ya fito fili. Idan jijiyoyin suka fara yoyo, ruwa yana tsiyaya ya bar kitse, sai a ga tabo ruwan ɗorawa masu ƙyalli da kaifin baki, sau da yawa sun yi zobe kewaye da wurin yoyon. Akwai kuma farin tabo mai laushin baki da ake kira tabon auduga, wanda ke nuna jini ya daina isa wurin.

Inda tabon yake ya fi yawansa muhimmanci. Daga faifai zuwa wajen kunne, tazarar kamar faifai biyu, akwai wuri mai ɗan duhu da ake kira makula. Da shi ake karatu, ake zura zare a allura, ake gane fuska. Ɗigo ashirin a can gefe ba za su taɓa gani ba, amma ɗan yoyo a makula yana iya hana mutum karanta saƙo a wayarsa.

Don sanin matakin ciwon, ana raba hoton gida huɗu, a yi amfani da ƙa'idar 4-2-1. Zubar jini mai yawa a duk gida huɗu, ko jijiyoyin mayar da jini sun yi kumburi gaɓa-gaɓa a gida biyu, ko wasu murɗaɗɗun ƙananan jijiyoyi a cikin tantanin a gida ɗaya: ko wanne aka samu, ciwon ya yi tsanani. Abin da ke biyo baya shi ne tsirowar sababbin jijiyoyi. Tantanin da ya rasa jini yana sakin sinadarin da ke kiran sababbi, su kuma su fito sirara, a cukurkuɗe, a kan faifai ko a gefen manyan jijiyoyi. Ba su da ƙwari. Suna fashewa jini ya cika ido, mutum ya kwana yana gani ya tashi cikin duhu. Wanda aka ga wannan a hotonsa, cikin kwanaki ya kamata ya ga likitan ido a yi masa aikin lesa ko allurar cikin ido.

A ɗauki misalin wani dattijo ɗan shekara 58 da ya yi shekara goma sha biyu da ciwon suga, ya zo yana cewa shi dai tabarau yake so, idonsa ƙalau. Hoton dama ya fito tar. Kwarminsa 0.4, gefen yana da kauri ko'ina. Amma akwai jajayen ɗigo da 'yan dunƙulen jini a gida biyu, babu kumburin jijiya gaɓa-gaɓa, babu sababbin jijiyoyi. Wannan matsakaicin mataki ne. Abin da ya ja hankali shi ne zoben tabo ruwan ɗorawa da ya matso tsakiyar makula, tazarar ba ta kai faɗin faifai ɗaya ba. Hoto a shimfiɗe yake, ba ya nuna kauri, don haka ba zai tabbatar da kumburi ba. Sai an tura shi na'urar OCT, wadda ke nuna tantanin hawa-hawa, ta faɗi ko ruwa ya taru.

A idon hagu alamun suga kaɗan ne, ɗigo huɗu ko biyar nesa da makula. Amma kwarmin ya kai 0.7, gefen ƙasa ya yi giɓi, ga siririn jini a bakinsa. Bambancin idanun ya zama 0.3. Aka auna matsin idon aka samu 19, alhali ana ɗaukar 10 zuwa 21 a matsayin daidai. Wannan bai wanke shi ba, domin gilakoma tana cin jijiya ko da matsin bai haura ba, kuma matsi yana sauyawa tsakanin safe da yamma. Gwajin faɗin gani ne zai kammala magana, kuma likita ya san inda zai duba: ɓarnar gefen ƙasa tana ɗauke gani ta sama. Dattijon bai lura ba saboda idon dama yana cike masa gurbin. Ya shigo neman tabarau, ya fita da bayanin cututtuka biyu daban, kowacce da maganinta, tare da gargaɗin ya riƙe suga da hawan jini da kyau.

Hoton yana da iyaka. Kamarar da aka fi amfani da ita tana ɗaukar digiri 45 ne kawai, wato tsakiyar bangon ido. Ɓarnar da cutar sikila ke yi tana farawa ne daga can gefe, inda wannan hoto ba ya kaiwa, don haka mai sikila yana buƙatar a buɗe idon likita ya duba har lungu.

Ƙa'idar likitoci a bayyane take. Wanda aka gano yana da ciwon suga a girma, a duba cikin idonsa tun lokacin da aka gano, domin ciwon kan daɗe a jiki kafin a sani, sannan a maimaita duk shekara. Mai ciwon suga da ta samu juna biyu a duba ta tun farkon cikin. Wanda ya kai shekara 40, musamman idan akwai mai gilakoma a danginsa, ya nemi a duba masa jijiyar gani ko da ba ya jin komai. Ranar zuwa a tafi da ɗan rakiya, domin maganin buɗe ido yana dusashe gani na wasu sa'o'i, kuma a nemi kwafin hoton a adana don ziyarar baɗi.